Mai duba aikina ya ce manufofina da hasashena ba su dace ba

Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a jihar Gombe, ina karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Sau biyu ke nan mai duba aikina yana dawo mini da furofozal, na biyun ma jan biro kawai ya sa a gefe ya rubuta cewa manufofi da hasashe ba su dace ba. Binciken a kan yadda ake kai yara riga-kafi ne a ƙaramar hukumar Dukku. Manufofina huɗu ne: gano yawan yaran da suka samu riga-kafi, auna sanin iyaye mata game da riga-kafi, gano abubuwan da ke tasiri a kan karɓar riga-kafi, sai ba hukuma shawarwari. Hasashena uku: babu alaƙa tsakanin karatun uwa da karɓar riga-kafi, babu alaƙa tsakanin addini da karɓar riga-kafi, kuma halin ma'aikatan lafiya ba ya tasiri a kan daina zuwa riga-kafi. Wata abokiyar karatuna ta ce in ƙara hasashe ɗaya su zama huɗu-huɗu, shi ke nan. Saura sati uku in tsaya gaban malamai in kare, ni kuwa ban ga inda kuskuren yake ba. Don Allah a taimaka.

Wata ɗaliba, daga Gombe

Wa alaikumus salam, Malama. Ki gode wa abokiyar taki, amma kada ki bi shawararta. Da za ki cika su huɗu-huɗu, jan biron ne zai sake dawowa, domin ba lissafin yawa malaminki yake yi ba. Abin da yake nema shi ne ya ɗora yatsa a kan hasashe ɗaya, ya bi shi baya ya tarar da manufar da ta haife shi, ya bi shi gaba ya tarar da tambayar da za ki yi wa uwa a ƙofar ɗakinta. A takardarki duk inda ya ɗora yatsan, hanya yankewa take yi.

Ki fara da raba manufofin gida biyu. Akwai manufar da ƙirga kawai take yi: yara nawa cikin ɗari ne suka kammala riga-kafi. Amsarta adadi ne, kuma ba ta buƙatar hasashe ko kaɗan. Akwai kuma manufar da take gwada abu biyu, ta ce shin 'ya'yan matan da suka haihu a asibiti sun fi na waɗanda suka haihu a gida kammalawa. Wannan ce take ɗaukar hasashe, guda ɗaya tak, da kalmomin da ita kanta ta yi amfani da su. Saboda haka ba laifi ba ne a ga manufa biyar da hasashe uku. Laifin shi ne a ga hasashe ba uwa ba uba, ko manufa ɗaya ta goya hasashe uku kamar yadda ta ukunki ta yi. "Abubuwan da ke tasiri" buhu ne da ba shi da gindi, komai aka zuba zai shige, shi ya sa ɗalibai ke sonsa, shi ya sa kuma masu duba aiki ba sa yarda da shi. Ta huɗun kuwa ki cire ta gaba ɗaya. Ba da shawara ba bincike ba ne, ba a auna shi, wurinsa babi na biyar.

Amma kafin ki taɓa jimla ko ɗaya, akwai aikin da ya fi wannan nauyi, kuma a nan nake so mu daɗe. Kin rubuta "samun riga-kafi" a manufa ta farko, "karɓar riga-kafi" a ta uku, sannan "daina zuwa" a hasashe na ƙarshe. Ke a wurin aiki duk zance ɗaya ne, amma a takarda abubuwa uku ne daban, kuma kowanne da yaran da ake ƙirgawa a cikinsa. Kin fi ni sanin jadawalin: allurar BCG ta tarin fuka da ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta a lokacin haihuwa, Penta mai kare cututtuka biyar a sati 6 da 10 da 14 tare da ɗigon shan inna, allurar ƙyanda a wata 9. Ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi na yaron da ya kammala riga-kafin tushe shi ne ya samu BCG, Penta uku, ɗigon shan inna uku ban da na ranar haihuwa, da allurar ƙyanda ɗaya. Kuma yara 'yan wata 12 zuwa 23 ake dubawa, domin su ne suka wuce lokacin karɓar duka, ba su kuma yi nisan da uwa za ta manta ba. Wanda bai samu ko Penta ta farko ba shi ne ake sa wa a jerin yaran da riga-kafi bai taɓa isa gare su ba. Wanda ya karɓi Penta ta farko bai kai ta uku ba shi ne ya yanke a hanya. Zaɓi ɗaya daga cikin ukun nan ya zama ginshiƙin aikinki, ki rubuta ma'anarsa sau ɗaya, ki riƙa maimaita kalmomin nan ba canji tun daga take har zuwa teburin ƙarshe. A rubutun adabi maimaita kalma aibi ne, a furofozal kuwa ado ne.

Ki kuma faɗi yadda za ki tabbatar. Na sha zama a tabarma a tsakar gida ana neman kati. Uwa ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla, ta fito da leda a ƙulle, a ciki ga katin zaɓe, ga katin awon ciki, ga na riga-kafin yaro biyu sun manne, tawadar ɗayan ta jiƙe ta baje har ba a gane kwanan wata. Wata kuma ta ce katin yana wurin maigida, ya tafi kasuwa. To me za ki rubuta? Idan kati kaɗai za ki amince da shi, adadinki zai yi ƙasa da gaskiya. Idan za ki karɓi abin da uwa ta tuna, sai ki yi hattara da "ai an yi masa", domin sau da yawa ɗigon masu bi gida-gida take nufi, waɗanda ke shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, ba na asibiti ba. Shi ya sa ake tambaya da siffa: an yi masa allura a cinya, sau nawa? Akwai tabo a dantsensa? Duk wanda kika zaɓa, kati kaɗai ko kati da tunin uwa, ki sa shi cikin ma'anar, domin wani daga cikin malaman da za ki tsaya gabansu sai ya tambaya.

Yanzu mu bi hasashen naki da wannan ido.

Na karatun uwa shi ne mai lafiya a cikinsu, sai dai ba shi da manufa tasa ta kansa. Manufarki ta biyu a kan sanin riga-kafi take, hasashen kuma a kan makaranta yake, kuma waɗannan ba abu ɗaya ba ne. Akwai matar da ba ta taɓa shiga aji ba amma ta haddace ranakun allura saboda ungozomar unguwarsu ba ta gajiya da tuni, akwai mai takardar sakandare da ba ta san ƙyanda a wata nawa ake yi ba. Kuma a Dukku in kika ce "karatu" sai kin fayyace, domin mace ta yi shekaru a Islamiyya ko makarantar allo, ki tambaye ta ko ta yi makaranta ta ce e, ke kuma boko kike nufi. Ki yanke tun yanzu rukunan da za ki sa: ba ta yi boko ba, firamare, sakandare ko sama.

Sanin riga-kafin kansa ina jin tsoronsa a irin bincikenki. Zagaye ɗaya za ki yi, yau ki auna abin da uwa ta sani, alhali allurar bara aka yi ta ko aka fasa. Matar da ta je asibiti sau biyar ta zauna a benci ta saurari jawabin da kuke yi kafin a fara allura dole ta fi sani. To sanin ne ya kai ta, ko zuwan ne ya sanar da ita? Bincikenki ba zai iya rabewa ba. Don haka kalmar "tasiri" ba taki ba ce, da Ingilishin da za ki rubuta ma ki guje wa takwararta. Abin da za ki iya nunawa shi ne alaƙa. Idan kina son sanin iyaye ya zauna, bar shi a matsayin manufar ƙirga, ba hasashe.

Na addini ki sauke shi. Ba don ba a binciken irin wannan ba, sai don wurin da kika zaɓa. Mafi yawan mutanen Dukku Musulmi ne, kuma ba a gwada rukuni biyu in ɗayan kusan babu kowa a cikinsa. Za ki tara mata ɗari bakwai ki tarar goma sha wani abu ne kawai a ɗaya layin, kwamfuta ta rubuta miki gargaɗi a ƙarƙashin tebur cewa adadin da ake tsammani a wasu gidajen teburin bai kai 5 ba, gwajin ya rasa ƙarfi. Da a kudancin jihar kike, wajen Kaltungo ko Balanga inda jama'a suke gauraye, da sai mu yi magana. Kuma in kin tambayi zuciyarki, abin da kike gani a wurin aiki ba sunan addinin mutum ba ne, "babansa bai yarda ba" ne, ko "wancan karon ya kwana yana zazzaɓi, kakarsa ta ce kada a sake". Waɗannan ana iya tambayarsu kai tsaye, kuma amsoshin suna bambanta daga gida zuwa gida.

Na ukun shi ne ya fi ban sha'awa, shi ne kuma ya fi karkacewa. Daina zuwa sai wanda ya fara zuwa. Uwar da ba ta taɓa taka asibitin ba, ba ta da abin faɗa a kan ko an yi mata tsawa ko an bar ta a layi har azahar. Ke nan wannan hasashen ba a kan duk yaran bincikenki yake ba, a kan waɗanda suka karɓi Penta ta farko ne kaɗai, kuma babu manufar da ta ambaci su. In kina son riƙe shi, sai ki gina masa manufa, ki kuma sauya "hali", wanda ba a aunawa, da abin da uwa za ta iya amsawa da e ko a'a: a zuwanki na farko, an gaya miki ranar dawowa? An taɓa mayar da ke ba a yi allurar ba?

Ga yadda zan tsara da ni ne, ke sai ki juya shi zuwa Ingilishi. Babbar manufa: gano yawan kammala riga-kafin tushe da abubuwan da ke da alaƙa da shi a tsakanin yara 'yan wata 12 zuwa 23 a ƙaramar hukumar Dukku. Ta ɗaya, gano kason yaran da suka kammala. Ta biyu, gano kason waɗanda suka yanke tsakanin Penta ta farko da ta uku. Waɗannan biyun ba su da hasashe. Ta uku, gano alaƙar matakin karatun boko na uwa da kammala riga-kafin tushe, hasashenta kuma: babu alaƙa tsakanin matakin karatun boko na uwa da kammala riga-kafin tushe a tsakanin waɗannan yara. Ta huɗu, alaƙar wurin haihuwa, gida ko asibiti, da kammalawa, da hasashenta a kan wannan ƙira. Ta biyar, a tsakanin yaran da suka karɓi Penta ta farko, alaƙar sanar da uwa ranar dawowa da kai wa ga Penta ta uku. Kin ga hasashen ba komai ba ne illa manufar da aka cire mata "gano" aka sa "babu". In kika karanta su a jere kika ji kamar kina maimaita kanki, to kin yi daidai.

Hanyar gwada ko sun dace tun kafin malaminki ya gani ita ce ki zana teburin sakamako babu komai a ciki, ɗaya ga kowace manufa. Bari mu cika na manufa ta huɗu da alƙaluman wasa, don ki ga yadda yake aiki, ba don haka Dukku take ba. A ce kin samu yara 700. An haifi 200 a asibiti, 90 daga ciki sun kammala, wato kashi 45 cikin ɗari. An haifi 500 a gida, 125 sun kammala, kashi 25. Jimilla 215 cikin 700, kusan kashi 31, kin ga amsar manufa ta ɗaya ta fito daga wannan teburin. Gwajin da zai gaya miki ko tazarar 45 da 25 ta wuce abin da sa'a kawai za ta iya kawowa shi ne wanda a manhajar lissafi ta SPSS za ki shiga Crosstabs ki zaɓi Chi-square. Idan ƙimar p da gwajin ya fitar ta gaza 0.05, kin ƙi hasashen "babu alaƙa". Idan ta wuce haka, abin da za ki ce shi ne ba ki samu hujjar alaƙa ba, kada ki ce kin tabbatar babu ita. Teburin manufa ta biyar kuwa ba 700 zai ɗauka ba. In yara 560 ne suka karɓi Penta ta farko, 420 suka kai ta uku, to waɗanda suka yanke 140 ne cikin 560, kashi 25, kuma 560 ɗin nan kaɗai ne za su shiga teburin. Duk hasashen da kika kasa zana masa tebur, ko kika zana amma babu tambayar da za ta cika shi a takardar tambayoyinki, maraya ne. Haka nan duk tambayar da ba ta cika kowane tebur ba, ki goge ta, kada ki tsayar da mace tana tsakiyar tuwo don ta amsa abin da ba za ki yi amfani da shi ba.

Wani malami zai ce miki ai matan da suka yi boko su ne dai masu haihuwa a asibiti, su ne kuma mazauna cikin gari kusa da asibitin, to wanne ne a cikinsu? Tambaya ce ta gaskiya. Amsarta ki rubuta a babin hanyoyin bincike cewa bayan gwajin bibbiyu za ki haɗa su wuri ɗaya a gwajin Binary Logistic, tare da nisan gida daga asibiti da shekarun uwa, don a ga wanda alaƙarsa ta tsaya bayan an daidaita sauran. Waɗannan da kika sa don daidaitawa ba sa buƙatar hasashe, amma suna buƙatar tambaya a takarda, in ba haka ba ranar lissafi ba za ki same su ba.

Sai yawan mutanen da za ki tambaya, inda kusan kowa ke zamewa. Tsarin da ɗalibai suka saba da shi ga shi:

```
n = Z² × p × (1 − p) / d²
n = 1.96² × 0.31 × 0.69 / 0.05² ≈ 329
```

A nan n shi ne yawan yaran, p kason da ake tsammanin sun kammala, d kuskuren da za a lamunta, Z kuma 1.96 ne na tabbacin kashi 95. Na sa 0.31 ne saboda binciken al'umma da lafiya na ƙasa, wato NDHS, na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na yara 'yan wata 12 zuwa 23 a Najeriya ne suka samu dukkan riga-kafin tushe, kashi 19 kuma ba su samu ko ɗaya ba. Ke ki ɗauki na jihar Gombe daga rahoto mafi kusa. Tun da unguwa-unguwa za ki ɗiba, kuma gidajen unguwa ɗaya sukan yi kama da juna a wannan harka, ana ninka adadin, galibi sau biyu, ya zama 658. Ki bar gurbin kashi 10 na waɗanda ba za ki samu ba, ki raba da 0.9, ya kai 731. To amma ki lura, wannan tsarin manufa ta ɗaya kaɗai yake yi wa hidima, ta ƙirga. Bai san kina da hasashe ba. Gwada rukuni biyu yana da nasa lissafin: don a gano bambancin kashi 40 da kashi 25, da ƙarfin gwaji na kashi 80, ana buƙatar yara kusan 150 a kowane rukuni, kafin a ninka saboda ɗibar unguwa. Rukunin da ya fi ƙanƙanta shi ne zai ba ki wahala. Idan matan da suka kai sakandare kaɗan ne a ƙauyukan da kika zaɓa, ko ki haɗe rukunan su zama biyu, wadda ta yi boko da wadda ba ta yi ba, ko ki ƙara yawan gidaje. Ki yi lissafin biyu, ki ɗauki wanda ya fi girma, ki nuna duka a furofozal.

Abu ɗaya zai iya rushe duk wannan: a ina za ki samu matan? Na san jarabar zama a asibiti ranar riga-kafi, mata sun cika benci, a kwana goma kin gama. Amma matar da ke kan bencin nan ta riga ta zo. Wadda kike nema tana can Hashidu ko wata ruga a bayan gari, ba za ta biyo ta gabanki ba. Manufa ta ɗaya da ta huɗu gida-gida suke so, da sallama a ƙofar mai unguwa tukuna. In kuɗi da lokaci ba za su kai ba, ki faɗa wa malaminki gaskiya, ku taƙaita aikin a kan yankewa tsakanin Penta ta farko da ta uku, ki ɗauki sunayen yara daga rajistar asibiti da izinin hukuma ki bi su gida. Sai manufa ta biyu da ta biyar su zama ƙashin bayan aikin, take ma ya canja ya bi su.

Sati uku sun isa. Kada ki sake buga furofozal ɗin gaba ɗaya tukuna. Ki ɗauki takarda ɗaya ki kwantar da ita a kaikaice, ki ja layi biyar: manufa, hasashe, yaran da abin ya shafa, lambar tambaya a takardar tambayoyi, gwajin da za a yi. Inda babu hasashe ki rubuta "ƙirga ce". Wannan shafin kaɗai za ki kai masa cikin satin nan, ki ce ya sa jan bironsa a kai, in ya amince sannan ki koma ki gyara babi na ɗaya da na uku su bi shi. Allah ya ba da sa'a, Malama.